Gidan haya na miliyan 20 a hanyar Dutsinma: in saya ko in haƙura?

Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon malamin makaranta ne a nan Katsina, na yi ritaya bara. Na haɗa garatuti na da kuɗin wata gona da na sayar sun kama miliyan 22. Wani dillali ya kai ni wani gida ta hanyar Dutsinma kusa da jami'a, ɗaki takwas kowanne da banɗakinshi a ciki, akwai bohol, mai gidan ya ce miliyan 20. Dillalin ya ce kowane ɗaki dubu 250 ne a shekara, wato miliyan 2 kenan, shekara goma na maida kuɗina. Ɗaki biyu na gani ba kowa, ya ce yaran hutu suka tafi. Ƙanena kuma ya ce in bar wannan, in sayi fili na miliyan 5 in gina nawa. Wallahi kaina ya ɗaure, kuma kuɗin nan su ne ƙarfina. Ka ba ni shawara don Allah.

Wa alaikumus salam Baba Malam, Allah ya sa an yi ritaya a sa'a, ya ƙara lafiya.

Zan fara da ɗakunan nan guda biyu don su suka fi tsaya mani a rai. Ɗalibin da ya biya kuɗin shekara in zai tafi hutu kwaɗo yake dannawa a ƙofa, in ka leƙa ta taga za ka ga katifa an jingine ta da bango, ga bokiti, ga ɗan risho ko silinda a lungu. In kai da ka je an tura ƙofa kun shiga kun iske ɗaki fayau sai ƙura da yanar gizo a silin, to wannan ba hutu ba ne, ɗakin ne ba a kama ba. Ban ce dillalin ƙarya ya yi maka ba, wata kila shi ma haka aka gaya mashi, amma ka tuna shi la'adarshi ranar da aka ce sallama yake karɓa, ko ɗakunan sun cika ko ba su cika ba wannan kuma ya zama naka.

Lissafin da ya yi maka daidai ne a bisa takarda, sai dai gefe biyu ya taɓa. Ya rage abin da za ka kashe, ya kuma cika abin da za ka samu. Bari mu sake shi tare, ka ɗauko biro.

Kuɗin gida ba miliyan 20 ba ne. In la'ada kashi 5 ce a kanka, miliyan ɗaya ta tafi. Lauyan da zai duba takardu ya rubuta yarjejeniyar ciniki, da safiyo, da zirga-zirgar ofishin ƙasa don a maida sunanka, ni dai zan ware dubu 500 kuma ba zan yi mamaki ba in ta wuce. Sai gyaran farko, don ba a taɓa sayen gidan da ɗalibai suka zauna a ce ba a taɓa komi ba, ƙofofi sun saki, kan famfo ya karye, tayil ya fashe a banɗaki, soket ya ƙone, fenti kuwa ba a magana. Ka sa miliyan ɗaya da rabi. Duka ka ga mun kai miliyan 23, kai kuma 22 gare ka. Tun ba a je ko'ina ba ana bin ka miliyan ɗaya, kuma ba ka bar ko sisi ba don ranar da wani abu zai lalace. Waɗannan alƙaluman ƙiyasi na ne, kai za ka sa na gaskiya in ka tambayo, amma layukan ba za su canza ba.

Yanzu gefen shiga. Kar ka lissafa ɗaki takwas. Ko a unguwar da ake rububin ɗaki, tsakanin fitar wani da shigar wani ana yin wata ɗaya ko biyu, a gidan ɗalibai kuma abin ya fi haka muni saboda kasuwarsu lokaci gare ta, in aka gama rajista aka fara lakca ɗakinka bai samu mutum ba, to sai dai ka jira zangon gaba ko ka karya farashi. Tunda yau biyu ne ba kowa, ni in na yi maka adalci zan lissafa bakwai. Bakwai sau dubu 250 miliyan ɗaya da dubu 750. A ciki akwai wanda zai kawo rabi ya ce saura in Baba ya turo, har ya gama makaranta Baba bai turo ba. Cire dubu 100. Saura miliyan ɗaya da dubu 650, wannan shi ne abin da zai shigo hannu.

Daga nan sai fita. In ba kai za ka riƙa bin yara kana karɓar haya da sasanta faɗan wa ya bar famfo a buɗe ba, sai ka sa mai kula, mu ce kashi 10 na abin da ya karɓo, dubu 165. Gyaran yau da kullum, wato kwashe sokawe, falamba, mai wayarin, fentin ɗakin da aka fita, makullai, toshe yoyon kwano kafin damina, ka ware dubu 350. Banɗaki takwas fa, Baba, kowanne da famfonshi da shawa da abin zama, kuma mai amfani da su ba nashi ba ne. Sannan akwai manyan da ba kowace shekara suke zuwa ba amma ranar da suka zo sai ka ji a jikinka, injin bohol ya ƙone, tanki ya tsage, iskar farkon damina ta yaye kwano. Don su ka riƙa ajiye dubu 150 duk shekara ko da ba abin da ya faru. In ka cire duka ukun abin da ya rage dubu 985 ne.

Raba dubu 985 da miliyan 23, zai ba ka kashi 4 da ɗan ɗoriya, ba kashi 10 ba. A wata wajen dubu 82. Shekarun maida kuɗi kuma sun tashi daga goma sun koma 23. Haya za ta riƙa ƙaruwa, gaskiya ne, amma siminti da fenti da kuɗin falamba su ma ba tsayawa za su yi ba, kuma su ba sa jiran ƙarshen shekara kafin su tashi, kai kuwa hayar da ka yanka sai ta zagayo.

Kuma ban ma sa yajin aiki ba. A 2022 ASUU ta shiga yajin aiki tun Fabrairu ba ta janye ba sai Oktoba, wata takwas cur. Masu gidajen ɗalibai da yawa abin da ya same su shi ne yara sun kulle ɗakuna da kayansu a ciki sun tafi gida, haya ta ƙare ba wanda ya turo, ba ka iya fasa ƙofa ka zuba wani, da aka dawo kuma suka ce ai su kuɗin zangon karatu suka biya, zango kuma bai ƙare ba. Kuɗin wata goma sha biyu ya zauna wata ashirin. Maganin wannan a takarda yake, yarjejeniyar haya ta faɗi ranar shiga da ranar ƙarewa, wata goma sha biyu, ko ana karatu ko ba a yi, uba ko wani babba ya sa hannu a matsayin mai tsaya mashi. Abu na biyu ka duba inda gidan yake sosai. Hanyar Dutsinma akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, akwai Hassan Usman Poli, akwai FCE, kuma ƙungiyoyin malamansu daban-daban ne, ba lalle su rufe rana ɗaya ba. Gidan da ɗan Poli da ɗan FCE da ɗan bautar ƙasa da ƙaramin ma'aikaci duk za su iya zama ya fi wanda in ba ɗan jami'a ba ba mai kallonshi. In naka ya yi nisa har sai ɗan makaranta ɗaya kaɗai yake wa amfani, to ƙofar makarantar ita ce ƙofar abincinka.

Akwai wani gurbin da ba a rubutawa a littafi amma mu nan mun san shi. Ranar da dangi suka ji Malam ya sayi gida kusa da jami'a, ɗan ƙanwarka zai samu admishan, ɗan aminin ka ma haka, kuma ba za ka iya buɗe baki ka ce su biya ba. Alheri ne, Allah ya ba da lada, amma a lissafi ɗakin nan daidai yake da wanda ba kowa, har ya fi shi ci tunda ana amfani da ruwa da banɗaki. In ka san halinka ba ka iya cewa a'a, tun yanzu ka lissafa shida.

To kar in yi wa gidan rashin adalci. Gida riba biyu gare shi, hayar da yake kawowa da kuma darajar da yake ƙarawa. Buhun simintin da muka sani ƙasa da dubu uku kafin 2020, a 2024 sai da ya taɓa dubu goma, ginin da ke tsaye kuwa yana bin wannan tashin ko da a hankali. Kuɗin da ke kwance a banki ba ya bi, shekarar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30. Ka ɗauki sukuk na gwamnatin tarayya don kwatance, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci da gwamnati ke sayarwa, na farko da aka fitar a 2017 kashi 16.47 ya riƙa biya a shekara na tsawon shekara bakwai. Ko kashi 15 ka ɗauka, miliyan 22 za ta ba ka miliyan 3 da dubu 300 a shekara ba ka kira falamba ko sau ɗaya ba, ya ninka na gidan nan sau uku. Amma ranar da wa'adi ya cika miliyan 22 ɗin nan dai za a maido maka, wadda ƙila a lokacin rabin gidan ba za ta saya ba. Shi gida akasin haka ne, yana ba ka kaɗan yau yana tsare maka uwar kuɗi. Matsalar kawai darajar nan ba a cefane da ita, sai ka sayar za ka gan ta, sayar da gida kuma in kana cikin matsuwa kowa ya san yadda ake yi, masu saye suna jin ƙanshin buƙata tun daga bakin lungu.

Shi ya sa tambayar da zan maido maka ita ce, fansho ɗinka yana riƙe gidanka? In yana riƙewa, abinci da kuɗin makaranta da magani, kana neman inda za ka adana dukiya ne don yara, gida mai kashi 4 ko 5 ba laifi ba ne. In kuwa da hayar nan za a ɗora tukunya, dubu 82 a wata, wadda ma ba wata-wata take zuwa ba, dunƙule take zuwa lokacin rajista sannan a yi shiru, to ka ga da sake.

Maganar ƙanenka kuma, yana da gaskiya ta wani gefen. Wanda ya gina da kanshi ya san rodin da ya sa da zurfin fandeshan, shekarun farko kuma gyara kaɗan ne. Amma fili ba ya kawo ko kwabo sai an gama gini an sa ƙofa an ja wuta da ruwa, kuma miliyan 17 da za ta rage maka ban ga yadda za ta tada ɗaki takwas masu banɗaki da katanga da bohol da sokawe a farashin yau ba. Abin da na fi gani shi ne a kai linta kuɗi su ƙare, a bar kango damina tana duka, akuyoyi na kwana ciki, ba haya ba kuɗi. Ka zagaya bayan gari ka ƙirga irinsu. In zuciyarka ta fi kwanciya da gini, ka sa magini ya rubuta maka kayan aiki da kuɗin hannu na ɗaki huɗu kacal, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan abin da ya faɗa don ba a taɓa gamawa a kan lissafin farko, in ya shiga cikin kuɗinka ka gina huɗun ka gama su tsaf, ka bar wurin sauran. Sannan filin miliyan 5 ɗin a ina yake? In can ne inda ba turakun wuta, ba maƙwabci, mai adaidaita ba ya zuwa bayan magariba, to ɗan haya ma ba zai zo ba, musamman yanzu da kowa ke duba tsaro kafin ya duba fenti.

Ko fili ko gida, takarda dai ita ce farko. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, abin da kake saye haƙƙin zama ne, kuma cinikin wurin da ke da satifiket yana buƙatar amincewar gwamna kafin ya cika a doka. Takardar mai unguwa da shaidu tana da amfaninta amma ba ita ce ƙarshe ba. Ka sa lauyanka, naka ba na mai gida ko na dillali ba, ya je KATGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Katsina, ya bincika sunan wa ke kan wurin, ko an jinginar da shi a banki, ko yana kan hanya ko magudanar ruwa a taswira. In gidan gado ne kar ka yarda da sa hannun babban wa shi kaɗai, ka ga takardar rabon gado ko duk magada su sa hannu har matan da ke gidan aure a wani gari, don yawanci rigimar daga wadda ba a tambaya ba take fitowa.

Yanzu abin da nake so ka yi da ƙafarka, ba tare da dillali ba. Ka koma gidan da yamma lokacin da yaran suke nan, ka gaisa da biyu ko uku, ka tambayi kowanne shi kaɗai nawa ya biya, yaushe, kuma sai yaushe kuɗinshi zai ƙare. Sau da yawa dubu 250 ɗin farashin da mai gida ke fata ne, na ciki dubu 200 suka biya. Wani lokacin ma mai gida da ya san zai sayar sai ya karɓi hayar shekara gaba, kai ka saya ka zauna wata goma kana gyara ma mutane banɗaki ba ka ga ko naira ba. In haka ne a cire wannan daga kuɗin gida a rubuta. Ka nemi rasit na shekara biyu baya, mai gidan da ya ce ba ya ajiye rasit ka ɗauki maganarshi a rabi. Ka tsaya wurin mai shagon lungun ka sayi ko ruwan leda ne, ka tambaye shi gidan nan yana cika kuwa, kuma gidaje nawa ne a layin ke neman 'yan haya. Shi ya fi kowa sani, don shi ke ba su bashin taliya.

Sannan ka duba jikin ginin da magini naka. A ɗaga kai a kalli silin, duk inda ka ga zagayen tabo ruwan kasa yoyo ne. A duba gindin bango daga ƙasa zuwa gwiwa, in fenti na kumbura yana zuba kamar gari da farin gishiri-gishiri, damshi ne ke hawowa daga ƙasa, fenti ba ya maganinshi, bayan damina ɗaya zai dawo. In ka ga an yi sabon fenti a gindin bango kawai an bar sama, ka ƙara zuba ido. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa sau da yawa ba ta filasta ba ce, ta zaman gini ce. A kunna bohol a gabanka a ga minti nawa yake yi kafin ruwa ya yanke, kuma ka tambayi yaran yadda yake yi a watan Afrilu da Mayu, don bohol ɗin da ke ambaliya a Satumba ba shaida ba ne. Ka karɓi lambar mita ko tsohon bil ka je ofishin KEDCO a duba ko akwai bashi a kai, in akwai mai gida ya biya kafin ciniki.

Sokawe kuwa a buɗe murfin a leƙa, kar ka ji ƙyama. Ni a nan na sha tawa. Gidan farko da na saya na duba komi har cikin silin na shiga, amma ban ɗaga murfin nan ba don mai gidan ya ce bara aka kwashe. Ashe ramin ɗan ƙarami ne na iyali ɗaya, da aka ƙara ɗakuna ba a ƙara shi ba. Ruwan Agusta na sauka ya cika ya dawo ta banɗakin ɗakin ƙarshe, mutum biyu suka tashi a sati ɗaya kuma sai da na maida masu sauran kuɗinsu, na haƙa sabo, hayar shekarar gaba ɗaya a ramin nan ta ƙare. Tun daga nan in zan sayi gida na fi so in gan shi washegarin ruwan sama mai ƙarfi, in ga inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida da lungu.

Ra'ayina dai, a miliyan 20 kar ka saya. Ba don gidan ba shi da kyau ba, ban gan shi ba, sai don zai cinye duk abin da kake da shi ya bar ka da bashi. In takardu sun fito tas, yaran sun tabbatar da dubu 250, ginin kuma magini ya ce lafiya, ka taya miliyan 16 kana da niyyar tsayawa a 17. A 17 la'ada ta koma dubu 850, da takardu da gyara duka ya kama miliyan 19 da dubu 850, ribar ta matso kashi 5, kuma kana da sama da miliyan 2 a gefe wadda ba za ka taɓa ba sai ranar da inji ya ƙone ko aka rufe makaranta. Ɗakuna biyun nan da ba kowa su ne hujjarka wurin tayi, ka faɗe su a gaban mai gida. Za a ce maka akwai wani Alhaji daga Kano da zai turo kuɗi gobe, ka ce Allah ya sanya alheri, ka tashi. Kuma kar ka ba da kafin alƙalami sai lauya ya dawo daga bincike, in ma dole ne a rubuta cewa za a maido maka in takarda ta samu matsala.

In ka dawo daga wurin yaran da mai shago ka turo mani abin da suka ce suna biya, da ranar da kuɗin kowa zai ƙare, da abin da magini ya gani a sokawe, sai mu sake buga lissafin da alƙaluman gaskiya. Ka gaida iyali.